Yadda Ake Shirya Tambayoyin Ganin Likita Daga Hoton Takardar Sakamakon Gwaji

A yawancin gidaje akwai mutum ɗaya da ake turo wa hoton takardar asibiti. Ba lallai ya karanta aikin lafiya ba, kawai shi ne ke jin Turanci ko Faransanci, ko kuma shi ne ke biyan kuɗin magani. Da an karɓo sakamako daga lab sai a ɗauka a waya a turo masa, a biyo da saƙon murya: "Duba mana, me suka ce?" Idan kai ne wannan mutumin, akwai aiki mai amfani da za ka iya yi da hoton, kuma akwai wanda ba naka ba. Faɗin sunan cuta ba naka ba ne. Naka shi ne ka tabbatar an karanta takardar daidai, ka tattaro labarin da ke bayanta, sannan ka fitar da 'yan tambayoyi da za a yi wa likita a cikin mintunan da zai ba mara lafiya. Wanda ya taɓa bin layin ganin likita a babban asibitin gwamnati ya san mintunan nan ba su da yawa, kuma da zarar an fito ɗakin, komawa sai wata ranar.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. Mu ɗauka mahaifiyarka ce, shekarunta 58, tana shan maganin hawan jini, kuma kwanan nan tana kukan kasala da jiri idan ta miƙe. Likita ya rubuta gwaje-gwaje, an yi, ƙanwarka ta turo maka hoto, ranar komawa asibiti kuma jibi. Lambobin da zan kawo na misali ne, don a ga yadda ake aikin.

Kafin komai, duba mara lafiyar

Shirya tambayoyi na wanda zai iya jiran ranar da aka ba shi ne. Idan numfashi na yi mata wuya, ko ƙirji na ciwo, ko ta suma, ko magana ta rikice, ko wani ɓarin jiki ya saki, ko tana aman jini, ko bayan gida ya koma baƙi ƙirin, ko fitsari ya ɗauke, a ajiye hoton a tafi sashen gaggawa da takardar a hannu. Haka mai juna biyu da ke zubar jini ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, da yaron da ke jijjiga ko ya kasa sha.

Akwai kuma lambobin da ba a kwana da su ko da mutum yana zaune yana hira. Idan ma'aikacin lab ya ce a kai wa likita yau, ko ya rubuta `critical` ko `urgent`, a bi maganarsa. Idan `Hb` na babba, wato gwajin da ke nuna yawan jini, ya yi ƙasa da 8 g/dL, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke lissafawa a matsayin ƙarancin jini mai tsanani, ko `K+`, wato sinadarin potassium da ke cikin jini, ya kai 6 mmol/L ko ya wuce, ko suga ya faɗi ƙasa da 3 mmol/L, a nemi likita a ranar. Wannan bai nuna ka gano cutar ba. Ka dai gane cewa jiran jibi bai dace ba.

Mataki na farko: a sami hoton da ake iya karantawa

Mafi yawan hotunan da ake turowa ba su cika ba. Ko an yanke saman takardar, ko inuwar hannu ta rufe gefe, ko takardar ta sha ninki a cikin jaka har layin ninkin ya bi ta kan wata lamba. Kada ka yi ƙoƙarin cike gurbi da hasashe. Ka kira ƙanwarka ta sake ɗauka.

Ta shimfiɗa takardar a kan tabarma ko tebur kusa da ƙofa, da rana, ta kashe filashin waya domin yana wanke rubutu a kan farar takarda. Ta goge gilashin kyamara da gefen mayafi, ta riƙe wayar saitin saman takardar ba a karkace ba. Ta ɗauki hoto ɗaya na takardar gaba ɗaya har kusurwoyinta huɗu su fito, sannan biyu na kusa, rabin sama da rabin ƙasa. Ta juya baya ta duba, don wasu lab suna rubutu a bayan fom, wasu kuma suna maƙala ɗan siririn tikitin da na'ura ta buga. A WhatsApp hoto yana rage kyau idan aka tura shi yadda aka saba, saboda haka ta tura ta `Document` ko ta danna `HD`.

Dalilin wannan wahalar ɗigo ne. Tsakanin 10.2 da 102 ɗigo ɗaya ne, kuma shi ne abu na farko da ke ɓacewa a hoto mai duhu. A rubutun hannu kuma 1 da 7 suna kama, 3 da 8 suna kama. Idan akwai lambar da kake shakka, a karanta maka ita daga ainihin takardar ta waya, lamba bayan lamba.

Wani abu da ya kamata ya zo tun a nan: takardar ta mai ita ce. Kada ka jefa ta a zauren dangi ko na tsofaffin 'yan makaranta don wani ya duba. A kan wasu takardun akwai gwajin `RVS` na cutar ƙanjamau ko `HBsAg` na ciwon hanta ko na juna biyu, kuma abin da ya shiga wayoyi ashirin ba ya dawowa. Idan har dole a nuna wa wani ma'aikacin lafiya, a nemi izinin mai ita, a rufe suna da lambar asibiti.

Mataki na biyu: karanta kan takardar

Ido yana gudu ya faɗa kan lambobi, amma fara daga sama. Sunan nata ne cikakke? Lambar asibitin ta yi daidai da wadda ke kan katinta? A wurinmu sunaye suna maimaituwa sosai, a layi ɗaya za a iya samun mata uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, don haka lambar kati ta fi suna tabbas. Duba jinsi da shekaru. Sau da yawa a gurbin shekaru za ka ga an rubuta `Ad` ko `Adult` kawai. Ka rubuta ainihin shekarun a takardarka, domin likita yana buƙatarsu wajen auna wasu sakamakon, musamman na ƙoda.

Sai kwanan wata. Akwai ranar da aka ɗebi jinin, akwai ranar da aka fitar da sakamako, kuma ta farkon ce ke nuna halin da jiki yake ciki. Sakamakon jinin da aka ɗiba kafin a fara wani magani daban yake da wanda aka ɗiba bayan an fara. A ƙasa kuma ka ga ko akwai sa hannu da hatimin lab. Idan wani abu a nan bai daidaita ba, to ka sami tambayarka ta farko, kuma ta lab ce, a warware ta kafin a shiga wurin likita.

Mataki na uku: kwafe da biro, layi bayan layi

Ɗauki littafi ka ja layuka huɗu: sunan gwaji, sakamako, ma'auni, da iyakar da lab ɗin ya buga a gefe. Ma'auni shi ne 'yan haruffan da ke bin lamba, irin su g/dL ko mmol/L. Iyaka ita ce lambobi biyun da ke ƙarƙashin `Reference range` ko `Normal range`, a takardun Nijar kuma `Valeurs normales` ko `Valeurs de référence`. Kwafe komai yadda yake, kada ka fassara, kada ka cike lamba. A misalinmu abin da ya fito shi ne:

`Hb` 10.2 g/dL, iyaka 12.0 zuwa 16.0
`PCV` 31%, iyaka 36 zuwa 46
`WBC` 3.8, iyaka 4.0 zuwa 11.0
`Platelets` 240, iyaka 150 zuwa 400
`FBS` 6.4 mmol/L, iyaka 3.9 zuwa 5.8
`Creatinine` 128 µmol/L, iyaka 45 zuwa 90
`K+` 5.3 mmol/L, iyaka 3.5 zuwa 5.0

Yanzu sa alama a gefen duk wanda ya fita iyaka, ka rubuta "sama" ko "ƙasa". Wasu na'urori suna yi maka da kansu da harafin `H` ko `L` ko tauraro. Iyakar abin da za ka rubuta ke nan. Kada ka rubuta "ciwon ƙoda" a gefen 128 na `Creatinine`, wanda gwajin aikin ƙoda ne, ka rubuta "sama da iyakar takarda".

Yi amfani da iyakar da ke kan wannan takardar kaɗai. Kowane lab yana da na'urarsa da sinadaransa, kuma iyakar maza daban da ta mata, ta yara daban da ta manya, ta masu juna biyu ma daban. Iyakar da ka gani a intanet ko a takardar maƙwabci ba lallai ta hau wannan sakamakon ba. Idan lab bai buga iyaka ba, ka bar gurbin, ka mayar da shi tambaya.

Yana da kyau ka san yadda ake samo iyakar nan, domin zai rage maka faɗuwar gaba. Galibi ana auna mutane masu lafiya da yawa, a ɗauki inda kashi 95 cikin ɗari suka faɗa. Ke nan mutum ɗaya cikin ashirin, lafiyarsa lau, zai fito waje da iyaka a gwaji ɗaya. Takarda mai layi ashirin kuwa, ba abin mamaki ba ne a ga layi ɗaya ya ɗan leƙa waje. Dubi `WBC` na misalinmu, wato adadin fararen ƙwayoyin jini, 3.8 a inda iyaka ta fara daga 4.0. Sanannen abu ne a likitance cewa mutane da yawa 'yan asalin Afirka ta Yamma suna da adadin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ƙasa kaɗan da iyakokin da aka samo daga Turawa, ba tare da wata cuta ba. Ko hakan ne ya faru a nan ko wani abu ne daban, likita ne zai ce. Haka kuma kasancewar lamba a cikin iyaka ba ta wanke mutum daga ciwo. Shi ya sa ba a soke ganin likita don an ga babu tauraro a takarda.

Inda aka fi yin kuskure: ma'auni

A nan nake so a fi natsuwa, domin na ga hankalin mutane ya tashi a kan lambobin da ba su da laifi. Suga ana auna shi da ma'auni fiye da ɗaya. Asibitoci da yawa a Nijeriya suna rubuta mmol/L, ƙananan na'urorin gida da na kemis da yawa suna nuna mg/dL, a Nijar da sauran ƙasashe masu Faransanci kuma an saba da g/L. Sukarin jini ɗaya ne zai fito 6.4 a wata takarda, 115 a wata, 1,15 a ta uku. Ana ninka mmol/L sau 18 a sami mg/dL, a raba wannan da 100 a sami g/L. Lura kuma cewa takardar Faransanci waƙafi take sawa inda ta Turanci ke sa ɗigo. Iyalan da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Ƙonni da Sakkwato, sukan riƙe takardu iri biyun a leda ɗaya.

A misalinmu, ƙanwarka ta tono wata tsohuwar takarda ta bara daga wani lab, inda aka rubuta `Creatinine` 1.1 mg/dL. Wanda bai duba ma'auni ba zai ga an tashi daga 1.1 zuwa 128, ya ɗora hannu a ka. A wannan gwajin ana ninka mg/dL sau 88.4 a sami µmol/L, don haka 1.1 na bara daidai yake da kusan 97. Daga 97 ne zuwa 128. Canji ne da ya cancanci tambaya, amma ba abin da ido ya fara gani ba ne. Kowane gwaji da lambar da ake ninka shi da ita, kada ka ɗauki 18 na suga ka kai wani wuri. Idan ba ka da tabbas, ka rubuta biyun da ma'auninsu da kwanan watansu, ka bar wa likita lissafin. Abin da ya fi muhimmanci shi ne tsohuwar takardar ta je asibiti, domin likita ya fi ƙaruwa da ganin inda lamba ta dosa fiye da ganin inda take a rana ɗaya.

A gwajin da ba lamba ake rubutawa ba, kwafe kalmar harafi da harafi. `Reactive` da `Non-reactive` 'yan haruffa ne tsakaninsu, kuma su ne ninkin takarda ya fi ci. `Positive` a takardar lab na nufin an ga abin da aka nema, ko mai daɗi ne ko mara daɗi.

Mataki na huɗu: tattaro abin da takardar ba ta faɗa ba

Wannan shi ne ɓangaren da kai da 'yan gida kuka fi likita sani, kuma shi ne aka fi mantawa. Kira Umma ka tambaye ta a tsanake, ba cikin sigar tuhuma ba.

"Umma, ranar da aka ɗebi jinin, kin ci wani abu da safe?"

"A'a, ban ci komai ba. Koko kawai na ɗan sha don kada jiri ya ɗebe ni a hanya."

Ga abin da ake nema. `FBS` gwajin suga ne na wanda ya kwana bai ci ba, aƙalla awa takwas, ruwa zalla kaɗai aka yarda. A wurin mutane da yawa koko ko shayi ba "cin abinci" ba ne, don haka idan ma'aikacin lab ya tambaya za su ce ba su ci ba, kuma ba ƙarya suke nufi ba. Kada ka yanke cewa kokon ne ya kai lambar 6.4. Ka dai rubuta: ta sha koko da suga wajen ƙarfe bakwai, an ɗebi jini wajen ƙarfe tara.

Tambayi inda aka ɗebi jinin. A lab ɗin aka ɗiba, ko a ƙaramin asibitin unguwa aka ɗiba aka kai a kan babur? An sha wuya kafin a sami jijiya? Wannan yana da nasaba da `K+`, domin idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe a cikin kwalba, ko jinin ya daɗe ba a tace shi ba, lambar tana iya hawa alhali a jiki ba haka take ba. Wani lokaci lab yakan rubuta `haemolysed` a ƙasa. Amma kuma wasu magungunan hawan jini, irin su `lisinopril` da `losartan`, suna iya ɗaga shi da gaske. Ba ka da hanyar bambance waɗannan biyun daga hoto, shi ya sa za ka kai wa likita labarin duka.

Sai magunguna. Kada a dogara da "ƙaramar fara da babbar ja". A zuba duk kwalaye da sacet a leda a tafi da su, ko a ɗauki hoton kowanne ta inda suna da ƙarfinsa suka fito. A haɗa da waɗanda ba likita ya rubuta ba. Dattawa da yawa suna sayen maganin ciwon gwiwa da baya a kemis, irin su `diclofenac` da `ibuprofen`, suna sha wata da watanni, ba sa ma lissafa shi a cikin magani. Likita zai so ya sani, domin irin waɗannan suna iya taɓa ƙoda, suna kuma iya sa ciki ya riƙa zubar da jini a ɓoye. Haka jiƙo da sassaƙe da maganin basir da na sanyi da ake saya a kwalba. Mutane suna ɓoye su don gudun faɗan likita, amma ɓoyewar tana iya sa a bi hanyar da ba ita ba. Ka ce mata: "Umma, ba don a hana ki ba ne, don ya san abin da ke cikin jiki ne."

A ƙarshe rubuta abin da take ji da lokacin da ya fara, da kalmominta: kasala tun bayan Babbar Salla, jiri idan ta miƙe, ƙafa na kumbura da yamma ko ba ta yi, fitsarin dare sau nawa, launin bayan gida. Ƙara ko tana azumin Litinin da Alhamis, ko ta yi gudawa ko amai ko zazzaɓi a makon gwajin, ko an taɓa ƙara mata jini. Idan mace ce mai ƙananan shekaru, a rubuta ranar al'ada ta ƙarshe da yawan zubarta, kuma gara 'yar'uwarta mace ta yi mata wannan tambayar.

Mataki na biyar: mayar da kowace alama tambaya

Ka'idar ɗaya ce: tambayarka ta ƙunshi abin da ka gani da abin da ka sani, kada ta ƙunshi sunan cuta. Idan ka ce "Likita, ƙodarta ta lalace ko?", ka tsoratar da mara lafiyar da ke zaune a gefe, kuma amsar da za ka samu gajeriya ce, e ko a'a ko sai mun gani. Idan ka kawo lamba da labari, ka ba shi abin yin aiki. Ga yadda na misalinmu za su kasance:

1. "Likita, `Hb` ɗinta 10.2 ne, ƙasa da iyakar takarda, kuma tana kasala da jiri kusan wata biyu. Wannan zai iya bayyana abin da take ji? Akwai gwajin da za a ƙara don a san dalilin raguwar?"

2. "`Creatinine` ya fito 128, bara a wani lab 1.1 mg/dL ne, ga takardar. Tana shan `diclofenac` kusan kullum saboda gwiwa, da wani jiƙo. Me canjin yake nufi a wurinka, kuma a cikin waɗannan akwai wanda za ta daina ko a canza mata?"

3. "`K+` 5.3 ne. A unguwa aka ɗebi jinin aka kai lab bayan wasu awanni, kuma tana shan `lisinopril`. A maimaita ne? Idan e, yaushe kuma a ina?"

4. "Ta sha koko awa biyu kafin gwajin suga. Sakamakon yana da amfani haka, ko a sake?"

5. "Wace alama ce idan muka gani a gida za mu dawo ba tare da jiran ranar da ka ba mu ba?"

`WBC` bai sami lamba tasa ba. Ka ajiye shi a ƙasa, idan lokaci ya ragu ka ce, "Wannan da ya ɗan yi ƙasa, abin damuwa ne?" Haka ake tsarawa: wanda ya haɗu da abin da mara lafiya ke ji, ko ya canza daga tsohuwar takarda, ko ya shafi maganin da ake sha, shi ne a sama. Tambaya uku zuwa biyar sun isa. Idan ka shiga da goma sha biyar, za a amsa na farkon a gurguje, muhimmiyar kuma ta rage a ƙasa.

Ka kuma tambayi Umma abin da ita take son sani. Wataƙila damuwarta ba lamba ba ce, so take ta ji ko za ta iya ci gaba da azumi, ko za ta iya tafiya bikin jikarta. Sa tata a cikin biyar ɗin.

Bari in ɗan ratse kan takardar da ta fi kowace yawo a wayoyinmu, ta maleriya da taifot. Mutum ya ga `Widal` da 1/160 an ja masa layi, sai ya wuce kemis a haɗa masa allurai. Gwajin `Widal` guda ɗaya ba ya tabbatar da taifot, domin yana iya hawa saboda tsohon kamu ko wani zazzaɓin daban, musamman a wuraren da cutar ta zama ruwan dare. Gwajin maleriya na tsinke ma yana iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an sha magani an warke. Tambayar da ta dace ita ce: "Likita, da wannan sakamakon da kwanakin da ya yi yana zazzaɓi, ya isa a fara magani, ko akwai gwajin da ya fi tabbatarwa? Ya sha maganin maleriya mako biyu da suka wuce, hakan zai shafi sakamakon?"

Tsakanin yau da ranar asibiti

Kada a dakatar da maganin da likita ya rubuta, kada a ƙara, kada a rage, saboda abin da aka gani a hoto. Kada kuma a sayo maganin ƙarin jini a fara don an ga `Hb` ya sauka, domin ƙarancin jini dalilansa da yawa, kuma fara magani kafin a bincika yana iya rikita gwajin da likita zai so ya yi. Idan wani abu ya tsaya maka a rai game da wani magani, kamar na ciwon gwiwar nan, a kira asibitin ko a tambayi ƙwararren mai harhaɗa magunguna a ranar. Idan Umma ta matsa ka faɗa mata abin da ka gani, gaya mata gaskiya daidai gwargwadon saninka: akwai lambobi da suka fita iyakar takarda, ka rubuta tambayoyi a kansu, likita zai yi bayani jibi.

A ɗakin likita

A tafi da ainihin takardar, hoton madadi ne kawai. Likita ba zai so ya riƙa jan hoto da yatsa a wayar da ta tsage ba, kuma caji yana iya ƙarewa a layi. A haɗa da tsofaffin takardu a jere bisa kwanan wata, da katin asibiti, da ledar magunguna, da takardar tambayoyi. Idan ba kai za ka raka ta ba, tura wa mai rakiyar tambayoyin a rubuce, ka kuma karanta mata su a saƙon murya.

Bayan gaisuwa, a bar likita ya yi nasa tambayoyin, a bar mara lafiya ta amsa da bakinta. Sannan mai rakiya ta ce, "Likita, mun rubuto 'yan tambayoyi, ko za mu iya yi?" Faɗin haka da wuri yana sa ya san yadda zai raba lokacinsa. A rubuta amsa a ƙarƙashin kowace tambaya nan take. Idan ya faɗi kalmar da ba a gane ba, a roƙe shi ya rubuta ta ko ya faɗa da Hausa, idan kuma ba ya jin Hausa a nemi nas ta fassara. Ba a ɗaukar muryarsa a waya sai da izininsa.

Kafin a tashi, mai rakiya ta maimaita abin da ta fahimta da bakinta: "Wato za ta daina wannan, ta ci gaba da wancan, a sake gwaji biyu ranar kaza ba tare da ta sha koko ba, mu dawo ranar kaza." Idan akwai kuskure a nan zai gyara. A tambaya ko gwajin da za a maimaita a lab ɗaya ya kamata a yi shi, domin kwatanta sakamako ya fi sauƙi idan na'ura ɗaya ce. Idan kuɗin gwaje-gwajen ya fi ƙarfin aljihu, a faɗa masa kai tsaye, a tambaye shi wanne ne ba zai jira ba, wanne za a iya jinkirtawa zuwa ƙarshen wata. Da an dawo gida a ɗauki hoton takardar amsoshin da sabuwar takardar magani, a rubuta kwanan wata a kansu, a sa su a leda ɗaya da sakamakon.